Kuɗi sun fita, rasit bai fito ba: abin da ya same mu da yadda muka bi sawun jaka 10

Yau labarin gidanmu ne za mu ba ku, don mun san ba mu kaɗai abin ya taɓa samu ba, kuma ba a kanmu zai ƙare ba.

Ƙanwarmu ce za ta yi wata jarrabawar kwankur ta gwamnati. An ce rajista a intanet ake yi, kuɗin dosiye ma ta waya ake biya, jaka 10 na sefa. A gidanmu jaka 10 ba kuɗin da ake ɗaukowa daga aljihu a miƙa ba ne. Inna ta kawo jaka 4 daga kuɗin adashinta, babban yayanmu ya cika sauran. Ranar Talata da yamma muka tafi wata siber a nan Maradi, aka cika takardu, aka ɗora hoto da fotokopin takardar haihuwa, aka zo wurin biya. Yaya ya sa lambar sirrinsa a wayarsa. Ƙarfe 5 da minti 42 saƙo ya shigo cewa an cire 10.200, wato jaka 10 da dala 40 na kamfanin kuɗin. Muka ɗaga kai muka dubi allon kwamfuta, sai wani ɗan zobe yana ta juyawa. Ya juya, ya juya, can shafin ya koma fari. Da aka sake shiga, a gaban sunan ƙanwarmu an rubuta "En attente de paiement", ma'ana har yanzu biya ake jira.

Mai siber ya ce, "Wallahi rezo ne. Ku sake biya kawai, na farkon za su maido muku."

Ƙanwarmu ta dubi yaya, idonta ya kawo ruwa. Ranar Juma'a ta makon gaba za a rufe rajista, saura kwana 10, kuma in babu rasit babu takardar shiga ɗakin jarrabawa. Yaya ya ce, "Malam, da wane kuɗi za mu sake biya? Ko da akwai, bari mu kwana tukuna." Wannan kwanan da muka yi shi ne ya cece mu.

Da dare muka je wurin wani kawunmu da ya daɗe yana aikin lissafin kuɗi kafin ya yi ritaya. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce mu daina cewa kuɗi sun ɓace. Ya ce kuɗin waya ba kamar takardar jaka ba ne da iska ke ɗauka, duk inda suka tsaya akwai rubutu. Ya ɗauko littattafan jikokinsa guda uku ya jera a tabarma. Na farko, in ji shi, littafin shafin gwamnati ne: shi ne ya buɗe wa ƙanwarku dosiye, ya ba ta lamba, ya rubuta ana bin ta jaka 10. Na biyu littafin kamfanin kuɗin waya ne: shi ne ya cire kuɗin daga asusun yayanku, ya ba cirewar tata lamba. Na uku littafin asusun da kuɗin hukuma ke shiga. Idan komai ya tafi daidai, da zarar an cire kuɗin, na'urar kamfanin za ta aika wa shafin gwamnati ɗan saƙo cewa dosiye lamba kaza ta biya, shi kuma shafin ya buga rasit. Wannan ɗan saƙon shi ne kamar yaron da aka aika tsakanin gida biyu. In rezo ya yanke, ko shafin ya cika da jama'a a daidai wannan lokacin, yaron bai iso ba. Gida ɗaya ya rubuta an biya, ɗayan bai ji labari ba.

Kawu ya ce aikinmu guda ɗaya ne: mu ɗauki shaidar littafi na biyu mu kai wa masu littafi na farko, mu nuna musu cewa wannan cirewar ta wannan dosiyen ce. Lambobi biyu ne ke haɗa su, lambar dosiye da lambar cirewar kuɗi. Wanda ya riƙe su biyun yana da magana. Wanda ya zo da ɗaya kawai, ko ya zo da rantsuwa, ma'aikaci ko yana son taimakonsa bai san ta inda zai fara nema ba.

Ya kuma ja mana kunne cewa rashin rasit ba cuta ɗaya ba ce, sai an gane wacce ce kafin a nemi magani. Wani lokaci kuɗin ba su fita ba sam, mutum ya ji ƙarar saƙo ya ɗauka an cire, alhali saƙon cewa yake aikin bai yiwu ba. Wani lokaci sun fita amma sun maƙale a hannun kamfanin, ba su isa asusun hukuma ba. Irin waɗannan sukan dawo cikin asusun mai su. Wani lokaci sun isa lafiya lau, labarin ne bai kai wa shafin ba, kuma waɗannan ba za su dawo da kansu ba ko an shekara ana jira, domin a wurin kamfanin aiki ya kammala. Akwai kuma inda rasit ya riga ya fito, mai shi ne bai gan shi ba. Maganar mai siber ta "za su maido muku" a kan hali na biyu kaɗai take gaskiya, shi kuwa bai san a wane hali muke ba, mu ma ba mu sani ba.

A daren nan muka fara tara shaida. Saƙon cirewar kuɗi muka fara kamawa. Muka ɗauki hotonsa a allo yadda sunan mai aikowa, kwanan wata da lokaci duk suka fito, sannan muka kwafe lambar cirewar da biro a cikin littafi, harafi bayan harafi, mutum ɗaya na karantawa ɗaya na dubawa. A irin wannan saƙon lambar takan zo bayan kalma kamar "ID", "Réf" ko "Transaction". Dalilin rubutawa da hannu shi ne waya na faɗuwa, ana sata, yara na goge saƙo. Kuma a kula da sifiri da harafin O, da 1 da harafin I, don kuskuren guda ɗaya ya isa a ce maka babu wannan lambar a na'ura.

Sai lissafin abin da ya rage. Da safiyar Talatar yaya ya zuba kuɗi, saƙon zubawar ya nuna asusun na da 12.350. Saƙon yamma ya nuna saura 2.150. In ka cire, 10.200 ne cif. Muka sake duba asusun da dare, yana nan 2.150, muka rubuta lokacin da muka duba. Muka ce da yaya kada ya taɓa asusun nan, kada ya sayi ko kati na dala 20 da shi, har sai an gama, domin in kuɗin suka dawo mu gane nan take, in ba su dawo ba lissafin ya zauna a fili.

A nan muka gano kuskurenmu na farko. Hoton da muka ɗauka na allon siber mun matso da waya sosai don rubutun "En attente" ya fito, sai muka yanke saman allon inda adireshin shafin yake, da ƙasan allon inda agogo yake, lambar dosiye ma rabi ta fito. Hoton da bai nuna wane shafi ba ne, wace dosiye ce, wane lokaci ne, ba ya shaidar komai. Kuskure na biyu ya fi wannan. Da ana cika takardu an tambayi adireshin imel, ƙanwarmu ba ta tuna nata ba, mai siber ya sa nasa don a yi sauri. Ke nan duk wani saƙo da shafin zai aiko, har da rasit ɗin kansa, akwatin wani zai faɗa.

Laraba da sassafe muka koma siber. Muka roƙe shi ya buɗe akwatin imel ɗinsa a gabanmu, aka duba har cikin "Spam", babu rasit, sai saƙon buɗe dosiye kawai, muka sa ya turo mana shi ya kuma buga mana a takarda. Aka duba wurin da kwamfuta ke ajiye abin da aka sauke, "Téléchargements", ko rasit ya sauka ba a lura ba. Babu. Muka fita daga shafin gaba ɗaya, muka shiga ta wayar ƙanwarmu, domin wani lokaci kwamfuta tsohon shafin da ta riƙe take nunawa. Nan ma "En attente". Wannan karon muka ɗauki hoto cikakke, daga adireshi har agogo. Kafin mu fita muka karɓi kalmar sirrin dosiyen, muka canza ta. Duk wannan bai kai rabin awa ba, kuma ya raba mu da zaton cewa rasit na nan ɓoye.

Daga nan sai kamfanin kuɗin waya. Mun fara da kiran lambar masu kula da abokan hulɗa, wadda ke rubuce a takardun kamfanin. Yarinyar da ta ɗauka ta ce mu jira awa 72. Kawu ya riga ya faɗa mana kada mu ajiye waya sai mun karɓi lambar koke, don haka yaya ya ce, "Madam, mun ji, za mu jira. Amma ki rubuta kokenmu ki ba mu lambarsa." Ta ba mu, muka rubuta tare da ranar da lokacin kiran. Kiran da ba shi da lamba, gobe in ka sake kira wani ne zai ɗauka, ka fara labari daga farko kamar ba ka taɓa kira ba.

Ba mu zauna jiran awa 72 ɗin ba. Muka tafi babban ofishin kamfanin na cikin gari, ba rumfar mai tura kuɗi ta bakin titi ba, don shi mai rumfa ba ya ganin abin da ke cikin na'urar kamfani. Ƙanwarmu ta so ta je ita kaɗai tunda dosiyenta ce, aka ce a'a, layin da sunan yaya yake, shi za a saurara, kuma sai da katin shaidarsa. Wannan abin lura ne ga duk wanda ya biya da wayar wani: mai layin ne zai yi magana da kamfani, mai dosiye ne zai yi magana da hukuma. In kuwa a siber aka karɓi tsabar kuɗinka aka biya da layin mai siber, to saƙon cirewar ma a hannunsa yake, sai ka tsaya ya ba ka hotonsa tun kafin ka bar wurin.

Tambaya uku muka yi a tagar ofishin, kuma su muka rubuta a tafin hannu tun daga gida. Wannan cirewar ta kammala ne, ko tana rataye, ko ta faɗi? Wane asusu ne ya karɓi kuɗin? Wace lamba ce aka liƙa wa biyan daga wajen shafin? Ma'aikacin ya buga lambar, ya juyo da allon ya nuna mana: aikin ya kammala, kuɗin sun shiga asusun da ke karɓar kuɗin rajistar, kuma lambar da ke liƙe ita ce ta dosiyen ƙanwarmu. Muka roƙi a buga mana wannan a takarda, a sa hatimi da hannu. Ya ɗan yi jinkiri, ya ce saƙon waya ai ya isa. Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, ofishin gwamnati za mu kai, takarda suka sani." Ya shiga ciki, ya fito da takardar bayanin asusu ta ranar, da hatimi a kai.

A jikin takardar muka ga abin da ya tayar mana da hankali: an rubuta 16:42, mu kuwa saƙonmu 17:42 ya ce. Ma'aikacin ya yi dariya ya ce ba wata cirewa ce daban ba. Agogon Nijar yana gaban agogon GMT da awa ɗaya, wasu na'urorin kuma da GMT suke rubutu. Mintin ɗaya ne, lambar ɗaya ce. Mun faɗi wannan ne don in kuka ga bambancin awa ɗaya cif kada ku rikice, kuma ku ambata shi a cikin takardarku tun kafin wani ya ce shaidunku sun saɓa wa juna.

Yanzu mun san halin da muke ciki. Kuɗi sun isa, ba za su dawo ba, kamfani ya gama nasa. Da mun bi shawarar sake biya, da jaka 20 ne ke can. Da kuma mun zauna jiran su dawo, da Juma'ar rufewa ta same mu a zaune. Saura masu shafin.

A ƙasan shafin akwai adireshin imel na neman taimako da lambar waya. Lambar mun kira ta sau shida a ranar, ba a ɗauka ba, kowane kira muka rubuta lokacinsa. Imel ɗin muka aika daga akwatin ƙanwarmu, wanda a ƙarshe ta tuno kalmar sirrinsa. A kan saƙon muka sa "Paiement débité, reçu non généré", muka bi shi da lambar dosiye, don wanda ke duba ɗaruruwan saƙonni ya gane matsalar tun bai buɗe ba. A ciki layi shida ne kawai, muka liƙa hotuna uku: saƙon cirewa, allon shafin, da takardar kamfani.

A daren Larabar ne muka yi kuskure na uku, wanda ya kusa jawo mana asarar da ta fi ta farko. Wani ƙanenmu, don neman taimako, ya sa hoton saƙon cirewar a wani zauren waya na masu neman shiga jarrabawar, lambar yaya tana jiki. Ba a yi awa biyu ba sai ga kira. Mutumin ya yi sallama da ladabi, ya faɗi adadin kuɗin, ya faɗi lokacin, ya ce daga wurin masu shafin yake, zai fitar da rasit yanzun nan, amma za a turo wata lamba a waya, yaya ya karanta masa ita tare da lambar sirrinsa. Duk abin da ya faɗa daidai ne, don a hoton ya karanta. Yaya ya ce, "Malam, faɗa mini ofishinku, gobe in zo da kaina." Sai aka kashe waya. Jama'a, babu ma'aikacin kamfani ko na gwamnati da ke buƙatar lambar sirrinka don ya gyara rasit. Kuma shaidar biya ba abin bazawa a zaure ba ce. In dole sai ka nuna, rufe lambar waya da lambar cirewa.

Alhamis ta wuce, Juma'a ta wuce, imel shiru. Kawu ya ce imel ba a jiransa, takarda za a kai. Ranar Lahadi muka zauna muka rubuta. Ko da yake tun 2025 Hausa ce aka ayyana harshen ƙasa, takardun ofis har yanzu da Faransanci suka fi tafiya, don haka da shi muka rubuta, shafi ɗaya tak, zuwa ga shugaban ofishin jiha na hukumar da ke shirya jarrabawar. Muka fara da sunan ƙanwarmu kamar yadda yake a dosiye, da lambar dosiyen. Sai ranar biya, lokaci, adadi, lambar wayar da aka biya da ita, sunan mai layin da dangantakarsa da ita, da lambar cirewa. Sai abin da shafin ke nunawa har ranar da muke rubutu. Sai abin da muka riga muka yi, kowanne da ranarsa. Ba mu sa zagi ba, ba mu sa labarin adashin Inna ba, ko da yake shi ne ya fi ci mana rai.

Wurin da muka fi daɗewa shi ne roƙon ƙarshe. Da farko mun rubuta a taimaka a duba mana. Kawu ya soke, ya ce wanda aka ce ya duba zai duba ya ajiye. Sai muka rubuta abu biyu a fili: a haɗa wannan biyan da wannan dosiyen a fitar da rasit, kuma in gyaran bai samu ba kafin ranar rufewa, a ɗauki ranar Talatar da aka cire kuɗin a matsayin ranar biya, kada a fitar da sunanta daga jerin masu jarrabawa. Wannan na biyun shi ne ainihin abin da muke tsoro, don haka shi ya kamata ya fito a rubuce.

Litinin da safe muka kai. Kwafi biyu muka yi na komai, takardun asali kuma muka bar su a gida cikin leda. A ofis muka nemi wurin da ake karɓar wasiƙu, ba mu miƙa wa mai gadi ko wani da muka gani a baranda ba. Sakatariyar ta karɓa ta ce mu tafi za a kira mu. Ƙanwarmu ta ce, "Hajiya, don Allah a sa mana hatimi a tamu." Ta buga hatimin isowa a kwafinmu, ta rubuta kwanan wata da lambar da ta ba wasiƙar a rajistarta. Wannan hatimin shi ne abu mafi daraja da muka samu a duk makon. Daga ranar, ba wanda zai ce ba mu kawo kuka kafin a rufe ba. Muka kuma tambayi wane ne ke riƙe da maganar rajista, aka nuna mana ƙofarsa.

Mutumin kirki ne, kuma ya faɗa mana gaskiya: shi a nan ba ya iya taɓa na'urar, a Yamai ake gyarawa. Abin da yake yi shi ne ya tara sunayen masu irin wannan matsala ya aika, can su ɗauko jerin kuɗin da suka shigo daga kamfani su gwada da jerin dosiyoyi, wanda lambarsa ta dace su sa masa hannu. Ya nuna mana takardar da yake tarawa, ba mu kaɗai ba ne. Ya ce da yawa suna zuwa da baki kawai, wasu sun goge saƙon, wasu ba su san ma da layin wa aka biya ba, waɗannan sai ya ce su koma su nemo. Namu ya sa a jerin ranar, don babu abin da ya rage a nema. Muka tambaye shi yaushe za mu dawo, ya ce Laraba.

Laraba muka koma, babu labari. A nan muka yi shawarar da ya kamata kowa ya yi tun kafin ranar ƙarshe ta zo. Muka shirya wasiƙa ta biyu zuwa ga babban ofishin hukumar a Yamai, muka ambaci lambar wasiƙar farko da ranar da aka karɓe ta, muka liƙa hoton kwafinmu mai hatimi, muka tura wa wani ɗan uwa a can ya buga ya kai da hannu ranar Alhamis da safe. Haka ake hawa, daga wanda ke kusa zuwa na sama da shi, kowane mataki yana ɗauke da shaidar na ƙasansa. In ka tsallake ka fara da sama, tambayar farko da za a yi maka ita ce ko ka je ofishin jiharku.

Muka kuma yanke cewa in har Juma'a da azahar babu rasit kuma babu wata takarda da ta ce an amince da ranar biyanmu, za mu ranto jaka 10 mu sake biya, don shekara guda ta yarinya ta fi jaka 10. Bambancinsa da abin da mai siber ya ce mu yi shi ne, a lokacin biyan farko yana da takardar kamfani da wasiƙa mai hatimi, akwai abin da za a nemi maidowa da shi. Wani maƙwabcinmu da ya sake biya a take a daren farko, ɗansa ya samu rasit, amma har yau yana bin na farkon. Kuɗin da suka shiga asusun hukuma ba mutum ɗaya ke buɗe aljihun tebur ya miƙo su ba, sai an rubuta, an tabbatar sau biyu aka biya, an sa hannu daga ofis zuwa ofis.

Allah ya taimake mu ba a kai ga rance ba. Alhamis wajen la'asar ƙanwarmu ta shiga shafin, ta ga rubutun ya koma "Payé", ga wurin sauke rasit ya fito. Ta yi ihu har Inna ta fito da gudu daga madafa. Ba mu san ko jerin ofishin jiha ne ya yi aiki ko wasiƙar Yamai ba. Muka sauke shi, muka duba suna, lambar dosiye, adadi da kwanan wata, muka buga kwafi uku, muka tura shi imel ɗin mutum biyu. Washegari muka koma muka yi wa ma'aikacin nan godiya, muka ce ya cire sunanmu daga masu jira.

Akwai abin da za mu ƙara don wanda nasa halin ya bambanta da namu. In a ofishin kamfani aka ce maka cirewar ta faɗi ko tana rataye, amma kuɗinka ba su dawo ba, to maganarka da kamfanin ce ko bankin, kada ka ɓata kwanakinka a ofishin gwamnati, don babu abin da ya iso musu. Ka rubuta musu koke, a sa maka hatimi a kwafinka kamar yadda muka yi. Bankuna da kamfanonin kuɗi masu lasisi a ƙasashenmu na sefa suna ƙarƙashin kulawar babban banki BCEAO da hukumar sa ido kan bankuna ta UMOA, kuma tun 2020 akwai ƙa'idar da ta ɗora musu karɓar koken abokin hulɗa da ba shi amsa cikin wata ɗaya. In wata ya cika shiru, ko amsar ba ta gamsar da kai ba, kana iya kai maganar gaba wurin wannan hukumar, kuma kwafin nan mai hatimi da kwanan wata shi za a fara tambayarka. Sai dai wata ɗaya ya fi ƙarfin mai rajistar da za a rufe cikin mako, shi ya sa a wannan halin ake sake biya don a tsira da rajistar, a ci gaba da bin na farkon a hankali.

In kuma aka duba aka ga lambar da ke liƙe da biyan ba ta dosiyenka ba ce, wataƙila an yi kuskuren bugawa, ko a siber an buɗe dosiye biyu aka biya wa wadda aka watsar, ka faɗi haka ƙarara a wasiƙarka, ka kawo lambobin biyu, ka roƙi a mayar da biyan kan wadda kake so. Ɓoye kuskuren ba ya taimako, tunda na'ura za ta nuna shi.

Yanzu a gidanmu in za a biya wani abu a shafin gwamnati, ba ma bari sai ranar ƙarshe, lokacin da kowa ke turmutsitsi a kai. Da layinmu muke biya, imel ɗinmu muke sawa, muna rubuta lambar dosiye da abin da ke cikin asusu tun kafin a danna, kuma ba ma rufe shafin sai ya gama juyawarsa. Littafin nan da muka rubuta lambobi a ciki yana nan a akwatin Inna tare da takardun haihuwa.

Ƙanwarmu ta zauna jarrabawarta, muna jiran sakamako. Ku sa ta a addu'a. Wanda kuma yake cikin irin wannan hali a yau, ya fara da kwafe lambar cirewar nan a takarda kafin ya kwanta. Allah ya ba kowa sa'a, ya tsare mana ɗan abin da muka samu da gumi.